Wasiƙar Sha'aban ga Iyaye: Tsarin Awon Suga a Watan Azumi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da masu riƙon yara, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya, shi da iyalinsa. Allah ya kai mu Ramadan da rai da lafiya.

Wasiƙar wannan wata ta tsaya a kan magana ɗaya, saboda muna da ɗalibai masu ciwon suga a ɓangaren maza da na mata, kuma gidajenmu da dama a nan Makka akwai kaka ko uba mai shan maganinsa. Hukuncin ko yaro zai yi azumi ba namu ba ne, na likitansa ne. Yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, wanda ya balaga kuma likita ya hana shi, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba shi sauƙi. Abin da muke roƙo shi ne duk wanda likita ya amince masa ya shigo azumi da jadawalin awo a rubuce, makaranta ta riƙe kwafi.

Mu fara da tambayar da ake yi mana kowace shekara: shin awon suga yana karya azumi? Huda yatsa a ɗauki ɗigon jini ba ya karya azumi. Wannan shi ne abin da malamai suka tafi a kai, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, mai hedikwata a Jidda, ta tattauna batun ciwon suga da azumi a shekarar 2009, ta jingina hukuncin ga yanayin mara lafiya da maganar likita. Yaron da yake ɓoye na'urarsa don kada abokai su ce ya sha azumi, a gida ya kamata a fara kwantar masa da hankali. Malamanmu ma za su faɗa a aji.

Ƙa'idojin da likitoci ke aiki da su, waɗanda Tarayyar Ciwon Suga ta Duniya ta sabunta a 2021, sun ce a ga likita mako 6 zuwa 8 kafin azumi. Wanda bai je ba tukuna, kada ya ƙara kwana. Su kuma lokutan awo da suka ambata bakwai ne: kafin sahur, da hantsi, da azahar, da la'asar, dab da buɗa baki, awa biyu bayan buɗa baki, sai kuma duk lokacin da mutum ya ji jikinsa ba daidai ba. Ba kowa ne ke buƙatar dukkansu ba. Dattijon da ke shan metfomin kaɗai, sugansa kuma a daidaice, sau ɗaya ko biyu a yini kan wadatar da shi. Mai shan gilikilazid ko gilibenkilamid ya fi shi haɗarin faɗuwar suga, don haka awon la'asar bai kamata ya wuce shi ba. Ɗalibanmu kuwa kusan duk masu allurar insulin ne, kuma su bakwai ɗin nan ne mafi ƙarancin abin da za su yi.

Lambobi uku muke so kowane gida ya haddace, da ma'aunin mg/dL da na'urorin ƙasar nan ke nunawa. Idan awo ya yi ƙasa da 70, a buɗe baki nan take, ko da ladan ya hau zai kira magariba. Idan ya haura 300, shi ma a buɗe, a sha ruwa, a bi abin da likita ya rubuta game da insulin. Idan kuma yana tsakanin 70 da 90, azumi na nan amma a sake awo kafin awa ɗaya ta cika. Wanda na'urarsa ta zo daga wata ƙasa tana nuna mmol/L, 70 ita ce 3.9, 300 kuma kusan 16.6. Ku duba allon na'urar ku tabbatar wanne take nunawa, musamman idan wani ɗan'uwa ne ya kawo ta.

Amfanin yawan awon yana fitowa ne idan aka jera lambobin yini guda aka ga inda suka dosa. Bari mu ɗauki misali, ba na wani ɗalibi takamaimai ba. A ce yaro ɗan shekara 15, yana yin allurar insulin mai dogon aiki sau ɗaya a yini, da mai saurin aiki a kowane cin abinci. Ƙarfe 5 na asuba, kafin sahur, ya auna ya ga 135. Ya yi allurarsa, ya ci ful da gurasa, ya sha nono. Ƙarfe 9 da ya iso makaranta ya ga 165. Da azahar, ƙarfe 12 da rabi, ya ga 120. Duk wanda ya kalli 120 ita kaɗai zai ce lafiya lau. To amma daga 165 zuwa 120 cikin awa uku da rabi, suga na sauka da kusan 13 a kowace awa, ga shi kuma saura kusan awa shida a sha ruwa. Lissafin ba shi da wuya: idan saukar ta ci gaba a haka, zai ratsa 70 tun kafin ƙarfe 5 na yamma. An tashi makaranta, ya taka zuwa gida cikin rana, ya auna ƙarfe 3 ya ga 84. Wannan ta faɗa cikin yankin jira, sai ya zauna, ya bar kai-komo, ya sake awo ƙarfe 4 saura. Ya ga 67.

A nan azumin ranar ya ƙare. Zai sha abin da ke ɗauke da kusan giram 15 na suga mai saurin shiga jini, wato rabin kofin ruwan lemo ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ya jira minti 15, ya sake awo. Idan bai haura 70 ba ya maimaita. Idan ya haura sai ya bi da abinci mai ɗan nauyi, kamar gurasa. Sambusa da cakulan ba su dace da matakin farko ba, domin mai yana jinkirta shigar suga cikin jini.

Takardar da aka rubuta lambobin awon ranar kuma ita za a kai wa likita, don ita ce ke nuna wace allura ta yi yawa. Insulin mai saurin aiki yana gama aikinsa cikin awa 4 zuwa 5. Da a ce sugan ya faɗi ƙarfe 8 ko 9 na safe, allurar sahur za a fara zargi. Tun da sai bayan la'asar ya faɗi, lokacin da ta sahur ta daɗe da barin jiki, mai dogon aikin ce ta fi ƙarfin cikin da babu abinci. Likita kan rage ta a azumi ko ya sauya mata lokaci. Don Allah kada iyaye su rage da kansu, kuma kada a taɓa dakatar da ita gaba ɗaya da sunan ai yaron bai ci komai ba. Mai irin wannan ciwo idan ya rasa insulin, jikinsa kan fara tara sinadarin kiton, abin ya kai ga asibiti. Shi ya sa idan awo ya wuce 250, musamman da amai ko ciwon ciki, ake auna kiton ɗin ma. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke ba da shawara, idan likita ya yarda, a gwada azumin yini ɗaya ko biyu yanzu a Sha'aban da cikakken awo, a gyara allura kafin wata ya kama.

Dare yana da nasa. Mun san teburin buɗa baki a garin nan: dabino, shorba, lugaimat, sobiya, ga kunu da ƙosai na gida. Awon awa biyu bayan buɗa baki yakan zo daidai lokacin da ake shirin fita tarawihi, shi ya sa shi aka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna ko allurar magariba ta isa. A yi shi kafin a fita. Mai zuwa Harami kuma ya tuna tafiya daga tashar mota, da tsayuwa, balle ɗawafi da sa'ayi ga mai umara, duk motsa jiki ne, kuma suna iya sauke suga har cikin barci. A ƙara awo ɗaya kafin a kwanta, a goman ƙarshe kuma kafin fita tahajjudi. Na'ura da dabino su kasance a aljihu.

Wani lokaci na'urar ce ke ba da lambar ƙarya. Yatsan da ya taɓa dabino yana iya nuna 250 ga wanda sugansa 90 ne, saboda haka a wanke hannu da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai. Takardun awo, waɗanda ake ɗiga jini a kansu, zafi yana lalata su, yawancinsu ba sa son fiye da digiri 30, kuma kun san yadda cikin motar da aka faka a rana yake a Makka. A duba ranar ƙarewar aikinsu, a rufe kwalbar bayan kowane ɗauka. Masu na'urar da ake mannawa a dantse sun huta da huda, kuma kibiyar da take nunawa tana faɗa musu ko suga na hawa ko sauka. Sai dai tana bin bayan jini da kamar minti 5 zuwa 15, don haka idan ta nuna 95 da kibiya ƙasa, yaro kuma yana karkarwa ko gumi, a yarda da jikinsa, a huda yatsa a tabbatar. Idan allo ya nuna LO, sugan ya yi ƙasa har na'urar ta kasa karantawa, a ba shi suga kafin a yi komai. Yaron da ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a yi masa gulukagon, maganin gaggawa mai ɗaga suga, idan akwai, a kira motar asibiti a 997.

Ku lissafa kayan awo tun yanzu. Sau 7 a yini har kwana 30 takarda 210 ke nan, ban da na maimaitawa. Kwalin mai 50 ne, to kwali biyar.

A ɓangarenmu, awo biyu ne ke faɗowa a lokacin karatu, na hantsi da na azahar. Ɗalibi zai yi su a ɗakin malamar jinya, ko a aji idan ya fi so, ba sai ya nemi izini ba. Za a rubuta lambar a takardarsa ta koma gida kullum. Mun cire masu ciwon suga daga wasan motsa jiki na tsawon watan. Idan awon azahar ya yi ƙasa da 90 za mu riƙe yaron mu sake aunawa, ba za mu sallame shi ya tafi da ƙafa ba sai wani ya zo ɗaukarsa. Idan ya yi ƙasa da 70 za mu ba shi lemo sannan mu kira ku, ba za mu jira amsar waya ba tukuna.

Akwai fom tare da wannan wasiƙa. A cike shi da sunan insulin ko maganin da yaro ke amfani da shi, da adadin da likita ya tsara na azumi, da lambar waya biyu da za a samu da rana. A dawo da shi ofishin makaranta kafin ƙarshen mako mai zuwa, tare da ƙaramin kwalin lemo biyu da takardun awo goma da za mu ajiye da sunan yaron.

Wassalamu alaikum.

Shugaban makaranta, tare da malamar jinya