Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Bayani Kan Hotunan Gidajen Da Suka Fito A Karkace

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu, injiniyoyi, masu zanen gini da 'yan kwangila da muke hulɗa da ku, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya tare da iyali. Maganganu sun yi ta dawo mana a 'yan makonnin nan cewa hotunan da muke fitarwa daga zanen gidajenku sun canja: katanga ta ɗan lanƙwashe, taga ta ƙaru ko ta ragu, ƙofa ta tsuke kamar ta banɗaki. Wasu sun kira mu sun faɗa mana baki da baki, mun gode musu. Wasu kuma shiru kawai muka ji, sai labari ya zo cewa sun kai aikinsu wani wuri, kuma wannan ya fi yi mana ciwo. Shi ya sa muka ga gara mu zauna mu yi muku bayani dalla-dalla, don kada a ɗauka hannunmu ne ya lalace ko ganin ido muka fara yi wa aiki.

Kun san yadda abubuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na masu layin Band A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit. Kwamfutar da ke wannan aiki ba irin ta buga takarda ba ce. Tana jan wuta sosai, tana zafi, ga ɗakin sai da sanyi, in an ɗauke wuta kuma sai janareta. Da lissafi ya ƙi fita, zaɓi biyu ne a gabanmu: mu ninka muku farashi, ko mu riƙa hayar na'ura ta intanet daga wani kamfani na waje, muna biya da dala. Muka zaɓi na biyu saboda ku. Watanni aka yi lafiya lau. Rana ɗaya, ba sanarwa ba sallama, kamfanin ya sauya injin da ke fitar da hoton, ya kuma ɗauke wuraren saitin da muke riƙe layukan zane da su. Mun rubuta musu, amsar da ta zo ba ta wuce cewa sabon tsarin ya fi kyau ba. Launinsa kam ya fi kyau, amma mu awo muke sayarwa kafin launi.

Ga abin da ya kamata a sani game da waɗannan manhajoji irin su Stable Diffusion. Ba sa ɗaukar zanenku su shafa masa fenti. Sabon hoto suke ƙirƙira daga abin da suka koya a miliyoyin hotuna, zanenku kuwa shawara ce kawai a wurinsu, sai in an ɗaure su da shi. Abin ɗaurewar shi ne ControlNet, wanda ya fito a 2023. Shi ke ciro layukan zanen ya tilasta wa injin bin su a kowane mataki. Yana da iri-iri, kuma biyu muka fi aiki da su. `MLSD` miƙaƙƙun layuka kaɗai yake gani, shi ya sa ya dace da bango, ginshiƙi da bakin kwano, amma idan ƙofar zaurenku mai baka ce, ba ya ganin bakan, sai injin ya cike gurbin da abin da ya ga dama. `Canny` kuma komai yake kwasa, har da layin awo, lambobi da sunan mai zane, sai ka ga "3600" ta zama tabo a jikin bango ko layin awo ya zama wayar wuta a saman gida. Don haka kafin mu fara, sai mun share duk rubutu da awo daga zanen, sannan mu haɗa biyun ko mu ba injin tsabtataccen zanen kai tsaye. Wannan ne aka ƙwace mana. Sabon tsarin wurin loda hoto ne da wurin rubuta bayani, shi ke nan.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi, irin wanda kuke kawowa kullum: fuskar gida mai faɗin mita 18, da ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsayin 210, a kan takardar A3.

Takardar A3 milimita 420 ce a kwance, 297 a tsaye. Injin kuwa ya fi sabawa da hoto mai kusurwa huɗu daidai, ɗigo 1024 kowane gefe, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto a allo. Idan aka bar saitin a kan `Just resize`, zai matse takardar ta shiga wannan murabba'in, faɗi ya ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari, tsayi yana nan yadda yake. Ƙofar nan mai santimita 90 sai ta fito kamar mai 64. Ba layi ko ɗaya da ya karkace, shi ya sa ido ba ya saurin kamawa, sai dai mutum ya ce gidan ya yi masa wani iri, ya yi tsayi ya rame. Mai gida da ya ga haka sai ya fara zargin mai zanensa, alhali zanen lafiyarsa ƙalau. Abin da muka saba yi shi ne mu yanke farin gefen takardar da hannu, mu ajiye gidan a fili mai ɗigo 1536 a kwance da 640 a tsaye, mu ƙara sarari a gefe da sama maimakon mu ja zanen. A wannan fili muna lissafa mita 24 a kwance, wato kowace mita ɗigo 64 ce. Gidan zai ci ɗigo 1152, ƙofar kuma kusan 58 a faɗi da 134 a tsayi. Idan hoto ya fito, waɗannan lambobin muke aunawa. Sabon tsarin shi yake zaɓar girman hoton da kansa, ba ya tambayar kowa.

Sai maganar ƙarfen taga da matakala, wadda ita aka fi kawo mana ƙorafi a kai. Injin ba ya aiki a kan cikakken hoton. Yana tsuke shi sau 8 a kowane gefe, ya yi aikinsa a ƙaramin, sannan ya buɗe shi. A lissafinmu na sama, ɗigo 8 daidai yake da santimita 12 da rabi a jikin ginin. Duk abin da bai kai haka ba, kamar sandunan ƙarfen taga da ke da tazarar santimita 10, ko layin tayil, ba shi da wurin zaman kansa, injin zato yake yi. Daga nan ake samun ƙarfe mai kama da igiyar da aka jiƙa. Maganinsa zagaye na biyu ne: a ƙara girman hoton, a bi shi yanki-yanki, a sauke `Denoising strength` zuwa wajen 0.3 don ya gyara fuska ba tare da ya taɓa siffa ba, layukan zanen kuma suna riƙe da shi. Wannan lamba ita ke nuna yawan canjin da injin zai yi wa hoton, tana tafiya daga 0 zuwa 1. In ta yi ƙasa tun a zagayen farko, zanen fensir zai dawo maka da ɗan launi. In ta haura 0.7 alhali babu abin da ke riƙe layi, gida mai kyau zai fito, amma ba naka ba. Zagaye na biyun nan yana cin lokacin na'ura fiye da na farko, kuma kowane minti dala ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan gida. Yawancin hotunan da injin ya koya daga gare su ba na gidajen Kano ko Zariya ba ne. In bai ga layi mai ƙarfi ba, sai ya mayar da zanko bututun hayaƙi, ko ya share shi gaba ɗaya, ya ɗora rufi mai tsini inda kuka zana rufin kankare da katangar sama. Alhajin da ya kawo mana zanen gidansa mai zankwaye huɗu ya karɓi hoto da uku, ya san abin da muke nufi, kuma ya yi mana haƙurin da ba za mu manta ba.

Ba muna neman ɗora wa kowa laifi ba ne, amma dole mu faɗi wannan ma. Zane da yawa suna zuwa mana ne a matsayin hoton waya: an shimfiɗa takarda a kan tebur ko bayan mota, an ɗauka daga gefe, an turo ta WhatsApp. Takardar da aka ɗauka a karkace, gefen da ke nesa da waya yakan tsuke, bangaye biyu da ya kamata su tafi a jere sai su nufi juna. In takardar ta taɓa naɗewa, layin naɗin ma injin bango yake ɗaukarsa. Ga shi WhatsApp yana rage ingancin hoto, siririn layi na milimita 0.25 ya dusashe ya yanke. A da muna gyara duk wannan shiru ba tare da mun caji kowa ba, kuma ba mu taɓa yin gori a kai ba.

Ku ma kuna iya gwada duk hoton da aka ba ku, namu ko na wani. Ku ƙirga tagogi da ginshiƙai ku gwada da zanen. Ku auna ƙofa da rula a kan allo: tsayinta ya zama ninki biyu da sulusin faɗinta in mai 90 da 210 ce. Ku ɗora gefen takarda a kan bakin kwano da kusurwar bango ku ga ko akwai ciki. Mu a shago muna ɗora ainihin zanen a kan hoton, mu rage duhunsa zuwa rabi, duk inda layi ya bar bango nan take yake nunawa. Muna roƙo ku yi wa hotunan masu arha da ake ta talla irin wannan gwaji kafin ku yanke hukunci a kanmu. Kuma don Allah kada a miƙa wa magini hoto ya yi awo da shi, namu ne ko na wani. Fulan shi ne abin gini.

Muna kan ɗaukar matakai. Muna magana da wasu mutane, muna duba hanyoyi da dama, kuma in sha Allahu ba da jimawa ba za ku ga canji. Duk wanda ya karɓi hoto a wannan tsakani bai gamsu ba, ya zo mu zauna mu duba tare. Abin da muke roƙo a yanzu shi ne ku turo zane a PDF ko fayil ɗin AutoCAD, in kuma ta WhatsApp ne, a turo shi a matsayin `Document`, tare da awo ɗaya tabbatacce, ko da faɗin ƙofar gaba ne.

Godiya ta musamman ga babanmu injiniya da ya ba mu aikin farko tun muna ɗan shago mai tebur ɗaya, har yau bai taɓa kai zanensa wani wuri ba. Haka Hajiya da muka yi wa hoton makarantarta tun tana aji uku, yanzu ga bene. Da 'yan'uwa masu zanen gini da ke turo mana ɗalibansu da abokan cinikinsu. Shekarun da muka yi tare ba wasa ba ne, kuma ba ma jin 'yan makonni za su shafe su. Shagon yana buɗe kamar kullum daga Litinin zuwa Asabar, lambar da kuka sani ita ce dai.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a gine-ginenku.

Naku,
Mai shago da dukkan ma'aikata