Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya kan lissafin SDR

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙona ɗaya ne. Duk sanda bankinka zai faɗa wa 'yan ƙasa yawan asusun ajiyarmu na waje, a nuna kasonmu na SDR, wato kuɗin ajiya na musamman da Asusun Lamuni na Duniya ke raba wa ƙasashe, da adadinsa na asali, kafin a mayar da shi dala.

A watan Agustan 2021, Asusun Lamuni na Duniya ya raba wa ƙasashe SDR na dala biliyan 650, Najeriya ta samu kusan SDR biliyan 2.35. Jaridu suka ce dala biliyan 3.35. Gaskiya ne a ranar, amma kashegari lissafin ya motsa, domin SDR kwando ne da aka zuba kuɗaɗe 5 a ciki.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna jin an ce dala na da kashi 43.38 cikin ɗari, yuro na da 29.31, sai su ɗauka haka abin yake kullum. Waɗannan kason na ranar awo ne kawai. Abin da ba ya canzawa shi ne mudun da aka ɗiba daga kowane kuɗi. Tun 1 ga Agustan 2022, SDR ɗaya ya ƙunshi dala 0.57813, yuro 0.37379, yuwan 1.0993, yen 13.452 da fam 0.08087. Kowace ranar aiki sai a mayar da kowannensu zuwa dala a farashin kasuwa, a tara.

A ƙaddara yuro na dala 1.10, fam na 1.27, dala ɗaya kuma na sayen yuwan 7.2 ko yen 150. Yuro zai ba da 0.411, yuwan 0.153, fam 0.103, yen 0.090. A haɗa da 0.578 na dala, SDR ya kama kusan dala 1.33. To yuro kaɗai ya hau zuwa 1.20, sauran na nan inda suke: SDR ya zama 1.37. A kan biliyan 2.35, ƙarin ya kusa dala miliyan 88, alhali ba mu sayar da gangar mai ko ɗaya ba. Ranar da yuro ya sauko, ƙarin ya tafi.

Wannan ne ke damuna. Mai karanta rahoto ba zai bambance kuɗin da ya shigo da hawan farashi ba, sai an ware masa su.

Akwai kuma kuɗin ruwa. Ƙasa na biyan ruwa a kan kason da aka ba ta, tana karɓar ruwa a kan abin da take riƙe da shi. In ba ta taɓa kason ba, biyun sun kashe juna. In ta canja wani ɓangare ta kashe, za ta riƙa biyan ruwan giɓin. Don Allah a riƙa faɗa mana nawa muke riƙe da shi, nawa ne giɓin, da abin da muke biya a kansa duk shekara.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani malamin tattalin arziki daga Kano