Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, Hajiya shugaba, iyayenmu da ƴan uwa.

Tarukan wata an yi su duka, ban da na cikin azumi. Zan fara da abin da na san za a tambaye ni, wato rigunan matasan kujera da muka yi alkawarin fitar da 11 daga kowane turmi, muka ƙare da 8. Na ji ana cewa an yi ɓarnar atamfa a hannun masu yanka, kuma wannan magana ba gaskiya ba ce.

Turmi yadi 6 ne, kusan santimita 548. Matashinmu 45 ne a kowane ɓangare, idan aka ƙara rarar ɗinki ta santimita ɗaya da rabi a kowane gefe sai a yanka 48. Da wannan lissafi muka yi alkawarin, domin faɗin atamfar yana ɗaukar fuska biyu, gaba da bayan matashi ɗaya, tsawon kuma layi 11. Abin da ba mu auna ba shi ne furen. A atamfar da muka sayo a Kasuwar Dole, daga tsakiyar babban fure zuwa tsakiyar na gaba santimita 32 ne, kuma tunda 48 ya fi 32, duk fuskar da ake so furen ya zauna a tsakiyarta sai ta ci tazara biyu, wato 64. Layi 8 ke nan a turmi. Da mun bi lissafin farko, da wani matashin furensa na tsakiya, wani a kusurwa, wani an raba shi biyu, kuma babu mai jera irin wannan a ɗakin amarya. Ƙyallayen da suka ragu, masu santimita 16, ba a zubar ba, da su muka yi hannun jakunkuna da aljihun ciki.

Abin alfaharinmu bana shi ne yinin koyon yanka da muka yi a Birni kafin Babbar Sallah. Innarmu da ta fi kowa daɗewa a kan keke ta zo da kwali da ta huda masa taga daidai girman fuskar jaka, tana ɗora shi a kan atamfa tana matsar da shi, har kowa ta gani da idonta cewa furen da ya kai 40 ba ya shiga jaka mai faɗin 30, sai dai ya fito guntu-guntu ba a gane ko mene ne. Irin wannan na matashi ne, ƙaramar jaka kuwa ƙaramin ado take so.

Daga nan ta nuna haɗin gefe, wanda shi ne ya daɗe yana ba mu kunya. Yawancinmu muna daidaita ado a bakin yanka, alhali inda allura za ta bi ne ya kamata ya haɗu, shi ya sa idan aka ɗinke sai santimita 3 na adon su shige ciki, ganye ya rasa rabinsa. Ita sai ta naɗe rarar ɗinkin fuskar farko ta goge, ta ɗora a kan atamfar da ba a yanka ba har adon ya ci gaba kamar ba a taɓa shi ba, ta ja alli a bakin naɗin, ta bar rara a bayan allin, sannan ta sa almakashi. Wata ƙanwarmu ta kawo jakar da ta yi da ƙyalle ɗaya naɗe a gindi, tsuntsayen gaba na tashi sama, na baya kansu a ƙasa. A wurin aka warware ta, aka raba biyu, aka juya bayan aka haɗa a gindi. Jakunkunan ranar duk sun shiga kafin Sallah, har da masu ba da kuɗi tun kafin a ɗinka.

Jakunkunan ƴan makaranta kuwa ba a gama ba. Atamfar sai an wanke ta an goge kafin yanka, saboda auduga tana tsukewa, kuma wasu da suka karɓa don wankewa har yau ba su maido ba. Zif da shafi ma ba a saya ba, domin kuɗin wata-wata bai shigo ba. Ni da ma'aji mun taka har Zango da Sabon Gari gida-gida, ana ce mana a dawo gobe, alhali ranar rabon riba babu wadda aka aika a kira. Littafin yana hannuna, kuma duk wadda ake bi bashin wata uku ko fiye ta zo da kuɗin a taro na gaba, tare da atamfar da ke wurinta, a wanke a goge.

Magatakardar ƙungiya