Zuwa ga Auta, kan aikin dare

Auta,

Bayan gaisuwa, yayarki ta ce an mayar da ke aikin dare a ɗakin gwajin jini, har kina cika baki wai babu mai saurinki wajen gama kwalaben da ke layi. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina da goyonki, wani dare wajen ƙarfe 4, na ɗebi jinin mata biyu masu suna ɗaya, har sunan uba. Maimakon in rubuta a bakin gado, sai na riƙo kwalaben zuwa tebur. Na musanya su. Ɗaya rukunin O ce, ɗayar A, kuma ta O ɗin za a ƙara wa jini. Allah ya sa mai gwajin ya duba tsohon katinta ya ga bai yi daidai ba. Da an saka mata A, da wataƙila na kashe rai. Ba sakaci gare ni ba, ni kaɗai ce a kan gado 30, amma wa zai saurari wannan a gaban gawa?

Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba jiki yake yaudarar mutum. Ido a buɗe, hannu yana aiki, ƙwaƙwalwa ta ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ba ki sani ba. Alamarsa, ki karanta layi sau biyu bai shiga ba, ko ki kasa tuna kwalabe ukun da kika wuce. Da kin ga haka, tsaya. Tashi ki wanke fuska, ki taka, sannan ki koma kan ta ƙarshen da kike tunawa ki sake bi.

Kwalba ɗaya a hannu, sai kin gama da ita ki ɗauki wata. Suna kaɗai bai isa ba. Ki haɗa da lambar kati, ki ɗora yatsa ki faɗe ta a fili, ko da za su yi miki dariya. In an katse ki da waya, ki faro daga farko.

Shayi ko goro, kada ya wuce ƙarfe 2, don yana awanni a jiki ya hana ki barcin safe. In an ba ki hutu, ki runtsa minti 20, kuma kada ki shigar da sakamako sai kin yi kwata da tashi.

Sai maganar da ba ki so. An ce kina saukowa aiki ki zarce gidan biki. Auta, jinin mutane ne fa a hannunki! Wanda bai yi barci da rana ba, da wane idon zai duba lamba da asuba?

To, na yi shiru. Na ba direba baƙin labule na tagarki da dambun nama. Ranar da kika sauko, kada ki tuƙa, ki hau adaidaita.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki