Jadawalin auna haɗari ya ce kore, murar tsuntsaye ta cinye mini kaji

Assalamu alaikum Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da masu sauraron wannan fili.

Ina rubuto maka wannan wasiƙa ne kwana tara bayan da jami'an lafiyar dabbobi suka zo suka kashe ragowar kajina suka binne su a rami, kuma har yanzu barci bai dawo mini ba. Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma kuɗin sallamata na aikin shekara 35 na zuba a kiwon kajin ƙwai guda 1,000, tare da ɗan wana wanda ya karanta harkar kasuwanci a jami'a, shi ya sa na sakar masa lissafi.

Kafin mu sayi ɗan tsako ko ɗaya, yaron nan ya zo da takarda mai gidaje 25, biyar a tsaye biyar a kwance, ya ce sunanta jadawalin auna haɗari. Ya ce kowace barazana za a ba ta maki daga 1 zuwa 5 a kan yiwuwar aukuwarta, a sake ba ta daga 1 zuwa 5 a kan girman ɓarnarta, sannan a ninka makin farko da na biyu. Abin da ya kai 15 ja ne, daga 8 zuwa 12 rawaya, ƙasa da haka kore, wato a bar shi kawai. Tashin farashin masara da waken suya ya samu 5 sau 3, ya zama 15, saboda haka muka kashe kuɗi muka tara abincin wata uku. Satar ƙwai daga ma'aikata ta samu 3 sau 3, wato 9, muka ɗauki mai gadi. Murar tsuntsaye kuwa ya ba ta 1 sau 5, ta tashi da 5, daidai da fashewar ƙwai a hanyar kasuwa wadda ta samu 5 sau 1.

Malam, ni na koyar da lissafi, kuma raina bai kwanta da wannan daidaito ba tun ranar, domin ƙwai biyu da suka fashe a kiret ba ɗaya suke da mutuwar gona ba. Na tuna masa cewa cutar ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, ta kuma dawo Kano a 2015, sai ya ce, "Baffa, ai ba ta taɓa samunmu ba," alhali ko fara kiwon ba mu yi ba. Ban ja maganar ba don kada Yaya ya ce na raina ɗansa. Da wannan koren ya soke kuɗin ragar da za ta hana tsuntsayen daji shiga, da kwatamin maganin tsoma ƙafa a bakin ƙofa. Gaskiya ne ni na riƙa barin mai sarin ƙwai yana shiga har cikin ɗakin kajin da tsofaffin kiret ɗinsa da ke yawo gona-gona, amma wa ya ce mini kada in bari, tunda takarda ta ce kore?

Kajin sun fara ƙwai ke nan da makonni kaɗan muka wayi gari da matattu goma sha, zankayensu sun kumbura sun yi duhu, ƙafafunsu da jajayen tabo, kwana uku kuma sai da baro muke kwasa. Na manta ban faɗa ba, a jadawalin nasa maki 5 na ɓarna yana nufin duk asarar da ta wuce naira dubu 500, saboda haka asarar dubu 600 da asarar jarin gaba ɗaya gida ɗaya suka faɗa. Makin 1 ɗin ma bai ce a cikin wata ɗaya ba ne ko a tsawon rayuwar kajin. Buhunan abincin da muka tara saboda jan makin tashin farashi ga su can jibge, babu mai ci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shekaranjiya ya dawo da sabon jadawali, ko jajen kirki bai yi mini ba, yanzu murar ta koma 5 sau 5, kuma yana so in ba da takardar gidana a karɓo rance a sake zubi. Da na duba, babu layin da ya auna haɗarin rasa gidan. Shin Malam, ninka makin ne kuskure, ko kuwa duk abin da zai iya kashe sana'a ya kamata a ware shi daban komai ƙarancin yiwuwarsa? Kuma wa ya kamata ya ba da makin, shi ko likitan dabbobi da tsofaffin masu kiwo? Yaya yana fama da hawan jini, kuma yaron ya gaya masa cewa sakacina ne ya jawo cutar. Ranar Juma'a za su zo gidana su biyu da takardun bankin, ban san ta inda zan fara ƙin sa hannu ba tare da zumunci ya taɓu ba.

Naka mai saurare,
Wani tsohon malami daga Zariya