Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Yin Kek

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

A bana mun ci gaba da adashi da sayen fulawa da sukari a sari kamar yadda aka saba, kuma ma'aji za ta kawo lissafinsu daban. Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne horon zuba fulawa a kwaɓi, saboda koken da ya yawaita cewa kek ɗin wasunmu yana fitowa da tauri.

A zaman horon mun yi kek na kumfar ƙwai: ƙwai 4, sukari giram 120, fulawa giram 120. Aka buga ƙwai da sukari har suka yi fari da kauri, yadda in an ɗaga abin bugawa kwaɓin zai zubo kamar zare, ya ɗan kwanta a sama kafin ya nitse. Wannan kumfar ce ke ɗaga kek ɗin, don babu bekin foda a ciki. Daga nan aka kashe na'ura. Aka tankaɗe fulawa a kan kumfar kashi uku, kowane kashi a tsaga tsakiyar kwaɓin da faffaɗan cokalin roba har ƙasan kwano, a kwaso na ƙasa a kifa a sama, a ɗan juya kwanon, a sake. Da farin gari ya ɓace aka tsaya.

Sai muka raba kwaɓin biyu. Rabi ya shiga gwangwani haka nan, ɗaya rabin kuma wata 'yar uwa ta tuƙa shi kamar tuwo, aka gasa su tare a zafin digiri 180. Na farko ya tashi da laushi. Na biyu tun a kwano ya saki ya koma ruwa-ruwa, da aka yanka kuwa sai ga shi gajere, da wani layi mai danƙo a ƙasa.

Ɓarna biyu tuƙin ya yi. Ya fasa kumfar, sannan ya tayar da gulutin, wato sinadarin alkama da ke haɗuwa ya yi danƙo idan fulawa ta jiƙe ana kuma juya ta. Danƙon nan shi muke nema a burodi da taliyar murji, shi ya sa muke murza su sosai, amma a kek shi ne taurin da masu saye ke kuka da shi. Ni dai a ganina hannunmu ne ya saba da muciya. Sai dai tsoron juyawa ma yana da nasa aibi, domin wasu sun bar gudajin ɗanyen gari a ƙasan kwano.

A baɗi za mu sayi ƙaramin sikeli mu maimaita gwajin da kek ɗin bota, wanda yawancinmu ke sayarwa.

Wassalam,
Sakatariya