Goga ba ta rage gudun iskar da ba ta kai gudun sauti ba a cikin bututu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta shafinku na kimiyya na makon jiya, inda aka ce iskar gas da ke bin dogon bututu tana rage gudu saboda gogar da take yi da jikin bututun. Na shafe shekaru ina koyar da wannan darasi a nan Jos, kuma wannan kuskuren ne ɗalibaina suka fi shigowa aji da shi. Ina roƙon fili in gyara, musamman yanzu da matasanmu ke shiga aikin gas da na kwamfuresa.

A ɗauki bututu mai faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda zafi ba ya shiga ko fita ta jikinsa. Injiniyoyi na kiran wannan yanayi da sunan Gino Fanno, wani injiniya ɗan Italiya. Nauyin iskar da ya shiga a kowace daƙiƙa, shi zai fita. Goga tana cin matsi, to matsin sai ya riƙa raguwa yayin da ake gaba. Da ruwa ne, nan maganar za ta tsaya, domin ruwa ba ya kumbura. Amma iska, da zarar matsi ya ragu sai ta buɗe, ta nemi ƙarin wuri. Bututun kuwa bai ƙara faɗi ba. Hanya ɗaya ta rage mata: ta ƙara gudu. Ƙarin gudun ya ƙara goga, gogar ta sake cin matsi, abin ya yi ta ciyar da kansa.

Ga misali da iskar da muke shaƙa. Bututu mai faɗin santimita 5, ma'aunin gogarsa f = 0.02 a lissafin Darcy. Iska ta shiga da cikakken matsi na bar 5, wato kusan ninki biyar na matsin iska a bakin teku, zafinta digiri 27 a ma'aunin Celsius, gudunta mita 104 a daƙiƙa, wato lambar Mak 0.3, kashi uku cikin goma na gudun sauti. Jadawalin Fanno ya ba da fL*/D = 5.3 a wannan lamba, inda D ke nufin faɗin bututu, L* kuma tsawon da ya rage kafin a kai gudun sauti, wato iskar za ta kai gudun sauti bayan mita 13 da 'yan kai. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda tafiyar ta kasu. Mita goma da rabi na farko daga 0.3 zuwa 0.5 kawai suka kai ta. Sauran tafiyar, daga 0.5 zuwa 1, a ƙasa da mita uku na ƙarshe aka yi ta. A bakin fita matsin ya koma kusan bar 1.4, gudun ya kai mita 320 a daƙiƙa, sanyin iskar ya kusa digiri 19 ƙasa da sifili. Zafin bai tsere ta bango ba, gudu ya koma.

Me ya sa sai gudun sauti? Goga tana ƙara abin da ake kira entirofi, wato ɓarnar da ba ta komawa baya, kuma a irin wannan bututu ƙololuwar entirofi tana daidai Mak 1. Iskar ba ta iya wuce nan, domin sai entirofin ya ragu, goga kuwa ba ta rage shi. Shi ya sa ko iskar da ta shigo da gudun da ya fi na sauti, ita ma nan take dosa, sai dai ta hanyar rage gudu.

To in aka tsawaita bututun nan zuwa mita 20 fa? Ba ya fashewa, ya dai shaƙe. Iskar da kanta take rage gudun shigarta zuwa wajen Mak 0.25, nauyin da ke wucewa ya ragu da kimanin kashi 14 cikin ɗari, bakin fita kuma ya ci gaba da zama a gudun sauti. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ka rage matsin da ke bayan bakin fita, ka ga abin da ke wucewa bai ƙaru ba ko kaɗan. Labarin raguwar matsi da gudun sauti yake komawa cikin bututu, iskar da ke fitowa da wannan gudun kuwa ba ta barin sa ya shiga. Ko ƙarancin matsin iskar Jos, da ke kan tudu, bai taimaki misalinmu da komai ba. Maganin shi ne bututu mai faɗi, ko gajere, ko a ƙara matsin shiga.

Jan hankali ga ɗalibai: wasu littattafan suna aiki da ma'aunin Fanning, wanda kashi ɗaya cikin huɗu ne na Darcy, sai su rubuta 4fL*/D. Na sha gyara takardar da tsawon bututu ya ninka huɗu saboda an haɗa biyun. A duba wanne jadawalin ya ɗauka kafin a soma lissafi.

Na gode.

Naka,
Malamin injiniyanci mai ritaya,
Unguwar Rogo, Jos